Hancin Inna

Inna ba ta taɓa rubuta kwanan wata a jikin komai ba. Shekara ashirin da bakwai tana sayar da abinci a wani shago mai ɗaki biyu da ke fuskantar garejin makanikai, kuma duk tsawon shekarun nan hancinta ne ke riƙe da sito. Za ta tsaya a bakin ƙofa da safe, ko mayafi ba ta ajiye ba, ta ja numfashi sau ɗaya ta ce, "Kwando na uku, can ƙasa ta gefen bango, tumatir biyu sun fashe." A zazzage kwandon, a tarar biyun ne, ba uku ba. Masu kawo mata kifi suna tsoronta fiye da yadda suke tsoron jami'an duba-gari. Akwai wani mai nama da ya taɓa rantsuwa da girman Allah cewa yankan safiyar nan ne, Inna ta kai tsoka ɗaya kusa da fuska ta ce, "Safiyar jiya dai, ɗan nan. Je ka yi kaffara."

Ina goye a bayanta Baba ya rasu. Da tukunya ɗaya da teburi mai ƙafa uku ta fara, ta jingina kusurwar da ba ƙafa a kan bulo. Da shinkafa da wake da taliya da miyar tumatir ta rene mu, ni da Yaya, ta sa mu makaranta, ta yi mana aure. A shekara ta biyu wata mata ta zo neman aikin wanke-wanke, aurenta ya mutu, ba ta da kowa a unguwar. Ita ce Goggo Shiru. Ba mu haɗa jini da ita ba, amma ita ta yi mini kitson farko, ita ta riƙe hannuna ranar da aka cire mini haƙori. Makanikai ne suka sa mata sunan, don sai ta wuni ba ta yi magana goma ba. Inna mai surutu ce da faɗa, Goggo kuwa sai dai ta gyaɗa kai ta ci gaba da yankan albasa. Haka suka tsufa tare, gwiwa da gwiwa, a gaban murhu ɗaya.

Siton Inna kuwa, in ka shiga sai ka yi salati. Buhu a kan buhu a ƙasan siminti, albasa da dankali a rungume da juna, sabon kaya a kan tsoho. Sari take yi na mako guda cur, don a cewarta mai sayen kaɗan-kaɗan bawan 'yan kasuwa ne. Amma ba ta asara, domin kullum hancin nan zai zaƙulo mata abin da ya kusa juyawa, ta ce yau shi za a fara dafawa. Tsari ne, sai dai tsari ne da ke zaune a fuskar mutum ɗaya.

Shekara biyu da suka wuce abubuwa suka fara lalacewa. Masu cin abinci ba su ragu sosai ba, amma shagon ya daina riƙe kansa. Yaya ne ke cike giɓi, har ya gaji. Wata Asabar ya tara mu a falonsa ya ce, "Inna, shagon nan yanzu rami ne. Ga ɗaki na gyara miki, ki dawo ki huta, jikokinki su ɗebe miki kewa."

Inna ta ce, "In zauna ina kallon bango? Kai dai ka ce ka gaji da ni."

Na san Inna. In aka raba ta da tukunyarta, ba za ta shekara ba. Ni kuma aikina sito ne, a wani kantin magani nake, inda kwali ɗaya ya wuce kwanansa a hannunka sai ka yi bayani a gaban manaja. Na ce wa Yaya ya ba ni wata uku. Zan ɗauki hutu ba albashi, in zauna a shagon. In ɓarna ta tsaya, Inna ta ci gaba da abinta. In ba ta tsaya ba, ni da kaina zan sa kwaɗo. Ya ce ya ji, wata uku, ba ƙarin kwana ɗaya.

Ya kamata in faɗi halina tun yanzu, don shi ne rabin labarin. Ina da zuciya, kuma ina da son a ce na iya. In na ga abu a karkace, ba na tambayar wanda ya karkata shi ko me ya sa, sai dai in miƙe shi ko da zai karye.

Makon farko ban taɓa komai ba. Bokiti uku na saya na jera a bayan shago, na rataye sikeli a ƙusa. Na farko na abin da ya lalace tun ba a dafa ba, na biyu na abin da aka dafa bai ƙare ba, na uku na abin da ya dawo a faranti. Duk yamma in auna in rubuta, in kuma ƙirga farantin da aka sayar. Inna ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallona.

"Auta, yanzu duk karatun da na biya, ƙarshensa awon shara?"

"Sharar ce za ta faɗa mana gaskiya, Inna."

"To Allah ya ba da sa'a. In ta yi magana ki gaishe ta."

Ta kuwa yi magana. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen kayan miya a bokitin farko yake ƙarewa. Ranar Litinin da Talata gareji cike yake, muna sayar da faranti casa'in, amma daga tsakiyar mako sai ya sauko sittin, Inna kuwa tukunyar mutum ɗari take ɗorawa kullum. Bokiti na uku shi ya fi ba ni haushi. Inna ta koma zuba abinci kamar mai biyan bashin laifi, tuli guda, miya har tana zuba a gefe. Ƙato ya ci ya ƙoshi ya bar kashi ɗaya cikin uku, mu kwashe mu zubar.

Na naɗe hannun riga. Na sa kafinta ya yi mana katakai, aka ɗaga buhuna daga ƙasa, aka janye su daga jikin bango don iska ta ratsa. Na raba albasa da dankali, kowa da kusurwarsa, don zamansu tare ke sa dankali tsiro da ruɓa. Tumatir na hana a bar shi a dogon kwando inda na sama ke danne na ƙasa, aka riƙa shimfiɗa shi a faffaɗan tire. Sabon kaya baya, tsoho gaba, hannu ya fara kaiwa ga wanda ya riga zuwa. Nama da kifi, da Inna ke jefawa firiza dunƙule guda ana narkarwa ana mayarwa, na sa ana ƙulla su leda-leda, kowace leda ta yini ɗaya, abin da aka fitar ya fita ke nan. Miyar da ta rage ba a ƙara barinta a babbar tukunya ta kwana tana huci. A juye ta a robobi marasa zurfi ta huce da wuri, a rufe, a sa a firji a saman ɗanyen kaya, ba a ƙasansu ba. In an ɗauke wuta, wanda ya buɗe firiza ba dalili ni da shi ne. Kuma kowace roba, kowace leda, na manna mata salatif na rubuta ranar da ta shigo.

Da mai kawo kayan miya muka yi ta ja. Na ce ba ma son na mako, ya riƙa kawo na kwana biyu-biyu. Ya ce ai farashin sari ya fi sauƙi. Na ce sauƙin da rubu'insa ke tafiya bola ba sauƙi ba ne. Shinkafa da wake da mai, da ba sa saurin lalacewa, su na bar wa sari. Tukunya kuma na raba ta biyu: a dafa ta safe daidai ƙirgar ranar, in ta kusa ƙarewa kafin azahar kuma da sauran jama'a, a ɗora ƙarama.

Inna ta haƙura da duk wannan, tana mita tana bi. Ludayi ne ya kusa haɗa mu faɗa. Na kawo ƙaramin kwano na awon shinkafa da ludayi ɗaya na miya, na ce kwano biyu, ludayi ɗaya da rabi, wanda bai ƙoshi ba ya yi magana a ƙara masa.

Ta juya ludayin a hannu ta ce, "Wannan na ba jariri magani ne?"

"Inna, abin da kike zubawa ba cikinsu yake zuwa ba, bokiti yake zuwa."

"Su dai gani a farantinsu cewa ban rage su da komai ba."

Ta faɗi haka a hankali, ba da muryar faɗanta ba. Da ina da kunne, da na tsaya na tambaye ta me take jin ta rage su da shi. Ban tambaya ba, na wuce ina nuna mata yadda ake shafe bakin kwano.

Bokiti na biyu da na uku suka yi sauƙi cikin mako uku. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Duk bayan la'asar Inna takan shiga sito ta yi abin da ta saba, ta ɗauki tattasai ko tumatir ta kai hanci, ta ce, "Wannan ya juya, a zubar. Wannan ma." Goggo Shiru ta kwasa a daro ta yi bayan shago da shi. Ban taɓa musu da hancin Inna ba, wa ya isa? Sai dai in na haɗa abin da aka saya da abin da aka dafa da abin da sikeli ya nuna a bokitin farko, ba sa haɗuwa. Kullum akwai abin da ya ɓace a tsakani, kilo biyu, kilo uku. Ruwa ba ya tsami banza, na ce a raina, na sa ido.

Ranar wata Laraba da yamma na ga Goggo ta fito daga bayan shago da jakar buhu a hannu, ta lulluɓe jakar da mayafinta. Da safe jakar a naɗe ta zo da ita. Na tare ta a ƙofa, a gaban Inna, a gaban makanikai biyu da ke wanke hannu.

"Goggo, mene ne a jakar?"

Ta tsaya riƙe da jakar.

Na karɓa na zazzage a kan teburi. Tattasai ne da tumatir, jajaye, masu ƙwari, ko tabo babu. Ɗaya ya gangara ya faɗi ƙasa, wani bakanike ya tare shi da ƙafa.

Abin da na faɗa a ranar, ba zan maimaita shi duka ba, don har yau in na tuna sai in ji kamar in tsaga ƙasa in shige. Na ce ashe ɓeran a cikin gida yake. Na ce muna ta neman rami ashe da hannu ake haƙa shi. Na ce shekara nawa ke nan ana yi wa Inna haka tana ganin ta yi 'yar'uwa? Matar da ta wanke mini kashi, ita na tsaya ina nunawa da yatsa.

Goggo ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Inna take kallo. Ta daɗe tana kallonta, kamar mai jiran a kira sunanta a asibiti. Inna kuwa ta juya ta ɗauki murfin tukunya tana gogewa, murfin da aka riga aka wanke.

Goggo ta kwance mukullinta na shago daga bakin zane, ta ajiye kusa da tattasan. Ta ce, "Allah ya ba ku alheri." Ta sa takalmi ta tafi.

Na ɗauka shirun Inna baƙin cikin cin amana ne. Har lallashinta na yi, ina cewa ta yi haƙuri, ɗan Adam ke nan. Ta ce in bar maganar. Daga ranar ta daina shiga sito bayan la'asar, ta ce tunda ga takardu na manna, takardun su yi aikin. Na ji daɗi, na ce Inna ta waye.

Kuma aikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Bokitin farko ya koma ɓawon albasa da 'yan tarkace. Abinci yana ƙarewa daidai lokacin tashi, wani lokaci ma a ce wa mutum biyu su yi haƙuri. Ba wanda ya yi ƙorafin ludayi sai wani mai walda, shi ma da aka ƙara masa sau biyu kunya ta hana shi na uku. Shago ya fara riƙe kansa tun kafin wata na biyu ya ƙare. Ina tafiya ina jin kaina a sama.

Saura kwana tara wa'adin Yaya ya cika, na tsallaka titi karɓar kayan miya, mai kawowa ya tsare ni da surutu. Ina dawowa, tun daga bakin gareji na jiyo ƙauri. Wake ne ya kama, irin ƙaurin nan da ke shiga tufafi. Na shigo da gudu. Inna na zaune a kujerarta, bayanta bai fi taku biyu da tukunyar ba, tana tsintar shinkafa a tire tana 'yar waƙarta. Ɗakin ya cika da ƙauri har yana kama maƙogwaro.

Na kashe gas, na sauke tukunyar. Sai a sannan ta waiwayo, ta ga fuskata, ta ga baƙin da ke gindin tukunya. Tiren ya karkace a cinyarta, shinkafa ta fara zuba, ba ta tare ba.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, ba ki ji ba?"

Ta gyara tiren a cinyarta. Sannan ta ce, "Tun zazzaɓin nan da murar da suka kwantar da ni bara waccan. Na warke, hancin bai dawo ba. Na ce gobe, na ce jibi."

"Ba kya jin komai?"

"Ko turare, ko kwata, duk ɗaya. A baki ma gishiri nake ji da yaji da tsami, sauran kamar ina tauna auduga." Ta share fuska da gefen zane. "Wata rana na zuba wa shugaban gareji miyar da ta juya. Ya ci loma ɗaya ya ajiye cokali, ya biya, ya fita bai ce komai ba. Shekara ashirin yana cin abincina. Daga ranar, duk abin da zuciyata ta yi shakka, sai in ce a zubar. Gara in zubar da mai kyau goma da in ba ɗan wani mara kyau ɗaya."

Sai komai ya jeru a gabana. Tulin abinci a faranti, haƙuri take bayarwa don ba ta san ko da daɗi ba. Ruɓaɓɓen da ke ƙasan kwando yana cinye 'yan'uwansa, ba mai jiyo shi. Sunsunar bayan la'asar kuwa, yi take don kada a gane. Sai na yi tambayar da ta rage.

"Goggo ta sani?"

"Ban taɓa faɗa mata ba, ba ta taɓa tambayata ba. Amma tun satin farko ta koma riga ni zuwa, ta buɗe ko'ina ta shaƙa ko gas ya yi yoyo. Ita ke ɗanɗana miya, ta yi kamar yunwa take ji. Abin da na ce a zubar, ta tsince masu kyau ta kai gida, ta yanka ta shanya a kan rufinta. Busasshen tattasan nan da tumatir da take kawowa ta ce wata maƙwabciyarta ce ke ba ta, namu ne."

Akwai buhu guda na busasshen a sito. Ni da hannuna na manna masa kwanan wata, har na yaba tsabtarsa.

"Inna, don me ba ki yi magana ba ranar nan? Kalma ɗaya!"

"In ce me, a gaban makanikai? In ce mai abincinku ba ta san abin da take zuba muku ba?" Hawaye suka zubo mata. "Na ce bari su fita in yi magana. Suka fita, na ce bari gobe. Ke kin yi naki da rashin sani, Auta. Ni ina sane."

Ban taɓa ganin Inna tana kuka ba, ko a labarin rasuwar Baba ba ta yi mana. Ranar na gani, kuma ni na jawo.

Washegari da hantsi na tafi gidan Goggo. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, tsaf-tsaf, an ɗaure wasu kaya a kusurwa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na faɗi duk abin da ke bakina, na ce ta yafe mini, ta dawo, in ta so in tara gareji kaf in ba ta haƙuri a gabansu.

Ta bari na gama. Ta ce, "Tashi, Auta. Ke yarinya ce, abin da sikelinki ya nuna miki kika faɗa. Na yafe miki tun kafin in kai bakin titi."

"To ki dawo, Goggo. Inna ba ta da kowa sai ke."

Ta gyara zama. Ban taɓa jin ta yi doguwar magana kamar ta ranar ba.

"Shekara biyu ina rufa mata asiri, ban nemi ta gode ba. Ranar nan abu ɗaya na nema, ta ce miki, 'Bar ta, ni na ba ta.' Ko ƙarya ce ta wadatar, ba sai ta tona kanta ba. Na tsaya ina jira, ta ɗauki murfi." Ta kalli kayan da ke ɗaure. "Ɗan ƙanena ya daɗe yana cewa in koma wajensu. Ƙarshen wata zai zo da mota. Ki ce mata ban riƙe ta ba. Amma ƙafata ba za ta iya taka ɗakin nan ba."

Da zan fita ta biyo ni har ƙofa ta ce, "Robar gas ɗin nan ta tsufa ta wajen wuya. A canza ta. Kuma kada a bar ta ta kunna wuta ita kaɗai da safe."

Na kai wa Inna saƙon yadda aka ba ni. Ta ce in kai ta. Muka je bayan kwana biyu, muka tarar ɗan ƙanen ya riga ƙarshen wata zuwa, ɗakin a buɗe, mai gida yana shara.

Na zauna na yi ta lissafin yadda za a yi. Na canza robar gas. Na ce wa Inna kwanan wata ya fi hanci ma, don akwai abin da ke sa ciwo ba ya wari, kuma gaskiya ne. Amma takarda ba ta jin ƙauri, ba ta jin yoyon gas, ba ta ɗanɗana miya. Hutuna ya kusa ƙarewa, in ban koma ba wani zai hau kujerata, ga yara. Na ce a ɗauko wata mata ta riƙa buɗe shago da ita. Inna ta ce sai an faɗa wa matar dalili, in an faɗa mata kuwa kafin azahar gareji ya ji. Na ce to mene ne in sun ji? Ta kalle ni kawai.

Ranar da wata uku ya cika Yaya ya zo da yamma. Ya shiga sito ya ga katakai da robobi a jere, ya leƙa bokitai, ya duba takardar awona tun daga makon farko. Ya yi ta murna, yana cewa, "Kai, Auta, ashe kanki na ja! Inna, na janye maganata. Shago ya tsira, ki ci gaba da abinki."

Inna na tsaye ta riga ta yafa mayafi. Ban lura ba sai lokacin, ta ɗaure tsohuwar wuƙarta da muciyarta a ɗankwali ta riƙe a hannu.

Ta ce, "Ɗakin nan da ka gyara, yana nan?"

Yaya ya kalle ni, ya kalle ta. "Yana nan, Inna. Amma ai na ce..."

"Na ji abin da ka ce. Shago ya tsira, Allah ya yi wa Auta albarka. Yanzu kowa ma zai iya riƙe shi, a nemi mai so a ba shi." Ta miƙo mini mukullai biyu, nata da na Goggo, a zare ɗaya. "Ni da mutum nake aiki, kuma na bar ta ta fita."

Na ce, "Inna, don Allah. Ni na yi laifin, ni za a hukunta."

Ta je gaban murhu, inda sauran miyar ranar ke jiran a juye ta, ta ɗaga murfi ta sa fuskarta a cikin tururin. Ta daɗe a haka, idonta a rufe. Sannan ta mayar da murfin a hankali.

Ta ce, "Ki juye ta tun da zafinta, kada ta kwana a tukunya."

Ta fita ta shiga motar Yaya ta zauna a baya. Makanikai suna ɗaga mata hannu suna cewa sai da safe, Inna, ita ma tana ɗaga musu.